Tsarin 50, 30, 20 na kasafta kuɗin shiga: yadda ake lissafinsa da inda yake gaza wa mai ƙaramin ƙarfi

Tsarin 50, 30, 20 hanya ce ta raba kuɗin da ke shigowa hannun mutum zuwa gida uku: kashi 50 cikin 100 na buƙatun dole, kashi 30 na abubuwan sha'awa, kashi 20 kuma na ajiya da rage bashi. Masu ba da shawara kan kuɗi suna yawan ambatonsa a rediyo da bidiyoyin waya, har wasu 'yan uwanmu mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal suna ganin duk wanda bai iya binsa ba almubazzari ne. A wannan rubutu zan bayyana inda tsarin ya samo asali, da yadda ake lissafinsa daidai, sannan in ɗauki misalin magidanci guda mu bi kuɗinsa naira bayan naira, mu ga inda lissafin yake tsayawa da abin da ya kamata a yi idan ya tsaya.

Daga ina tsarin ya fito?

Daga Amurka ya fito. Wadanda suka yaɗa shi su ne Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi, a wani littafi mai suna All Your Worth da suka fitar a shekarar 2005. A lokacin Warren malamar shari'a ce a jami'ar Harvard, kuma fanninta shi ne karayar arziki, wato yadda iyalai ke faɗawa bashin da ba za su iya biya ba har su kai kansu kotu. Daga baya ne ta zama sanata mai wakiltar jihar Massachusetts.

Sanin wannan asali yana da amfani, domin yana nuna mana wa aka yi wa ɗinkin. An yi shi ne saboda iyalai masu matsakaicin hali a Amurka, masu albashin da ke shiga a kan lokaci, masu biyan haya ko bashin gida wata-wata, waɗanda yawanci matsalarsu ita ce sun ɗaura wa kansu manyan ɗawainiyoyi, kamar gida mai tsada da mota ta bashi da katin cin bashi na banki. Ga irin wannan mutum, maganin shi ne ya rage nauyin da ya ɗauka har ya koma rabin abin da yake samu.

Hikimar rabin nan mai sauƙi ce. Idan buƙatunka na dole ba su wuce rabin samunka ba, to ko da samun ya faɗi da rabi, misali ɗaya daga cikin ma'aurata ya rasa aiki, za ku ci gaba da cin abinci kuma ba za a kore ku daga gida ba. Kashi 30 da kashi 20 su ne wurin da za ka ja baya idan rana ta ɓaci.

Yadda ake lissafin

Mataki na farko shi ne sanin kuɗin da za a raba. Ana amfani da abin da ya rage bayan an cire haraji, ba jimillar da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba. Ga ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho, akwai ƙarin bayani: dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10. Wancan kashi 8 ɗin da ake cire maka ajiya ce, don haka kana iya lissafa shi a cikin kashi 20 ɗinka, duk da cewa ba ka iya taɓa shi yau.

Mataki na biyu shi ne rarrabe kuɗaɗen da kake kashewa. Buƙatar dole ita ce wadda idan ka daina biyanta za a samu ɓarna nan kusa: abinci, haya, kuɗin mota zuwa wurin aiki, wuta da ruwa da makamashin girki, magani, kuɗin makarantar yara, da mafi ƙarancin abin da dole ka biya a kan bashin da ake bin ka. Abin sha'awa shi ne wanda za ka iya dainawa na wasu watanni ba tare da wani ya cutu ba: sabon ɗinki alhali kana da na sawa, sauya waya, tsiren dare, kuɗin gidan kallon ƙwallo, datar kallon bidiyo. Ajiya kuwa ta haɗa da kuɗin da ka ware don ranar gaggawa, da jarin da kake tarawa, da duk abin da ka biya a kan bashi sama da mafi ƙarancin da aka yanka maka.

A lura cewa abu ɗaya yana iya rabuwa gida biyu. Katin wayar da mai gyaran famfo yake kiran masu ba shi aiki da shi buƙata ce, datar da yake ƙonawa a kallon barkwanci kuma sha'awa ce. Shinkafa da wake da man girki buƙata ne, lemon kwalba a kan kowane abinci sha'awa ne.

Mataki na uku shi ne rabawa. Wanda ke karɓar naira 300,000 a wata, tsarin ya ce ya kashe 150,000 a kan dole, 90,000 a kan sha'awa, ya ajiye 60,000. Ga mai irin wannan albashi da ƙaramin iyali, abin yana iya yiwuwa, kuma idan ya ga dolensa ta kai 200,000 tsarin ya yi masa amfani, domin ya nuna masa cewa hayar da ya kama ko makarantar da ya zaɓa ta fi ƙarfinsa. To amma mu sauko ƙasa mu gani.

Misali: magidanci mai naira 100,000 a wata

Mu ɗauki mai gadi a wani kamfani a Legas, yana zaune a ɗaki ɗaya a wajen Agege da matarsa da yara biyu, yana karɓar naira 100,000 a hannu duk wata. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na zaɓe su ne don lissafi ya yi sauƙi, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu. A bisa tsarin, yana da 50,000 na dole, 30,000 na sha'awa, 20,000 na ajiya.

Bari mu fara da abinci. Mu ce gidan yana cin naira 1,600 a rana, wato naira 400 ga kowane baki, kuma duk mai cefane ya san wannan cin talauci ne. A kwana 30 ya zama 48,000. Tun kafin a taɓa komai, saura naira 2,000 kacal a cikin rabon dole.

Haya kuma mu ce 180,000 ce a shekara, wato 15,000 a wata. Kuɗin mota zuwa aiki da dawowa naira 500 a rana, kwana 24, ya kama 12,000. Wuta da ruwa da gawayi ko gas 7,000. Kuɗin makarantar yaro ɗaya 18,000 a kowane zango, zango uku 54,000, idan aka raba wa wata 12 ya zama 4,500. Kati da ɗan maganin zazzaɓi 2,500. Idan ka haɗa waɗannan da abinci, jimilla 89,000 ke nan. Sai kuma naira 5,000 da yake tura wa mahaifiyarsa a gida duk wata, jimillar ta koma 94,000.

Ke nan kashi 94 cikin 100 na albashinsa dole ta cinye, saura 6,000 da za a raba tsakanin sha'awa da ajiya. A jerin nan babu ɗinkin Sallah, babu gudummawar biki ko suna, babu kuɗin mota zuwa gida. Mutumin nan bai yi almubazzaranci ko na sisi ba, amma idan aka auna shi da tsarin 50, 30, 20 sai a ce ya faɗi warwas.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba da shawara kowa ya yi kafin ya ɗauki tsarin. Ka haɗa buƙatunka na dole na wata, ka ninka su biyu. Abin da ya fito shi ne samun da tsarin yake fara aiki a kansa. Ga mai gadin nan, 94,000 sau biyu 188,000 ne. Muddin samunsa bai kai nan ba, ko dolensa ba ta ragu ba, babu dabarar da za ta sa lissafin ya fita.

Gazawa ta farko: ciki ba ya bin kaso

Tsarin yana ɗauka cewa buƙata tana raguwa tare da albashi. A zahiri akwai iyakar da ba ta sauka ƙasa da ita. Mudun shinkafa a kasuwar Mile 12 farashinsa ɗaya ne ga mai albashin dubu 70 da mai na dubu 700, haka ma kujerar danfo. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe mai suna Ernst Engel ya lura cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Har yau masana tattalin arziki suna kiran wannan da dokar Engel.

Alƙaluman ƙasarmu sun tabbatar da hakan. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan yadda gidaje suka kashe kuɗi a 2019 ya nuna cewa abinci kaɗai ya ci sama da kashi 56 cikin 100 na duk abin da gidajen Najeriya suka kashe. Wannan matsakaici ne da ya haɗa masu hali da marasa hali, kuma an yi shi ne kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wato abu ɗaya daga cikin buƙatun dole ya riga ya haye rabin da tsarin ya ware wa dukkansu.

A duba mafi ƙarancin albashi ma. A watan Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000 a ƙasa baki ɗaya, jihar Legas kuma ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta. Rabin 70,000 shi ne 35,000, wato ƙasa da naira 1,200 a rana na ci da haya da mota da magani gaba ɗaya. Rabin 85,000 kuma 42,500 ne, kimanin naira 1,400 a rana. Sannan dokar ba ta hau kan wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka da yawa daga cikin masu gadin gidaje da yaran shago suna karɓar abin da bai kai haka ba.

Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya dage sai ya cika kashi 20 ko ta halin ƙaƙa. Daga ina zai ciro? Daga abinci da magani, domin su ne kaɗai ke lanƙwasuwa. Yaro ya yi zazzaɓi a ce a bari a gani zuwa gobe, ko a koma ci sau ɗaya a rana. Ƙarshenta abin da aka tara a wata uku ya tafi a gadon asibiti cikin kwana biyu.

Gazawa ta biyu: kuɗin da ke zuwa a dunƙule

Tsarin an gina shi ne a kan wata, mu kuwa manyan kuɗaɗenmu na shekara ne. A biranen kudu yawanci hayar shekara ake biya gaba ɗaya, sabon ɗan haya kuma ga kuɗin ejan da na yarjejeniya a kai. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar sama da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma ko shekara ɗayan ma dutse ne a kan mai albashin wata.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Mai gadinmu idan yana zuba 15,000 a adashi duk wata don ya kwashe lokacin haya, zai ji a ransa cewa yana ajiye kashi 15 cikin 100, saura kaɗan ya cika 20. Alhali wannan kuɗin mai gida ne da ke jiran ranarsa. Ranar da aka biya haya asusun zai koma babu ko kwabo. Haka kuɗin zangon makaranta, haka kuɗin tafiya gida. Idan zuwa gida da dawowa lokacin Sallah zai ci 60,000, to 5,000 ke nan a kowane wata, kuma wurinsa yana cikin lissafin wata tun daga farkon shekara.

Ƙa'idar da nake bi wajen rarrabewa ita ce: duk kuɗin da ka san ranar fitarsa da wanda zai karɓa, ba ajiya ba ne, biyan gaba ne. Ajiya ita ce wadda ba ta da mai jira.

Gazawa ta uku: wanda ba shi da albashi

Akasarin mutanenmu a kudu ba ƙarshen wata suke jira ba. Mai shayi, ɗan acaba, mai ruwa, ɗan dako, mai gyaran takalmi, mai tura baro da kayan gwari, duk kullum suke samu, kuma samun yau ba shi ne na gobe ba. Ga irin waɗannan akwai tarko guda biyu.

Na farko shi ne haɗa ciniki da riba. Mai shayin da ya tashi da naira 30,000 a aljihu da dare, idan burodi da ƙwai da madara da sukari da gas na gobe za su ci 24,000, samunsa 6,000 ne. Idan ya lissafa kashi 30 a kan 30,000 ya ce yana da 9,000 na sha'awa, ya cinye ribar duka ya kuma gutsuri 3,000 daga uwar kuɗi. Kwana takwas a haka jarin ya ƙare. Ɗan acaba ma sai ya cire mai da balas ɗin mai babur da kuɗin tikiti da wani abu na gyara, abin da ya rage shi ne nasa.

Na biyu shi ne yin lissafi da watan da kasuwa ta yi kyau. Damina tana rage wa mai ruwa ciniki, rashin lafiyar mako ɗaya tana nufin mako ɗaya babu ko sisi, wani lokaci kuma doka ce ke sauya komai dare ɗaya, kamar yadda gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya rubuta ribarsa ta kullum na tsawon wata uku, ya ɗauki watan da ya fi ƙaranci ya gina kashe kuɗinsa a kai. Duk abin da ya haura wannan a wata mai albarka, rabinsa ko fiye ya tafi ajiya tun kafin hannu ya saba da shi. Mai samun kullum ba zai iya ajiye kaso ɗaya kowane wata ba: wani watan zai ajiye kashi 25, wani watan babu komai, kuma hakan daidai ne.

Gazawa ta huɗu: a ina za a sa 'yan uwa?

Tsarin ya ɗauki gida a matsayin miji da mata da yaransu. Wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya zo neman kuɗi, galibi albashinsa na gida biyu ne. Idan aka bi ma'anar tsarin kai tsaye, kuɗin da ake tura wa dangi zai faɗa cikin sha'awa, tunda babu wanda zai kore ka daga ɗaki idan ba ka tura ba. Duk wanda mahaifiyarsa ke jiran wannan kuɗi don ta sayi hatsi ya san ba haka abin yake ba.

A ganina a raba shi biyu. Abin da iyaye ko iyalin da aka bari a gida suka dogara da shi don ci da magani, dole ne, a yanka masa adadi tsayayye a sa shi kusa da haya. Gudummawar biki da suna da anko da buƙatun da ke faɗowa ta waya ba zato, waɗannan a ware musu wani adadi daban a wata, idan ya ƙare ya ƙare, sai a ba da haƙuri zuwa wani watan. Amfanin adadi tsayayye shi ne su ma na gida sun san abin da za su jira, kai ma ba ka shiga bashi don kunya.

Kada kuma a manta cewa zumuncin nan shi kansa wani nau'in asusu ne. Wanda yake taimakawa idan ta sami wani a zango, shi ake tara wa idan tasa ta zo. Tsarin 50, 30, 20 ba shi da gurbin da zai rubuta wannan.

Gazawa ta biyar: tsadar kaya da bashi mai ruwa

Hukumar Ƙididdiga ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Ma'anarsa ita ce naira 100,000 da aka ɓoye a asusu tsawon wannan shekarar, a ƙarshenta abin da take saye bai wuce abin da kimanin 74,000 ke saye a farkonta ba. Tsadar tana cin mai ƙaramin ƙarfi ta fuska biyu: tana kumbura kason dole alhali albashi na tsaye, tana kuma zaizaye ɗan abin da aka tara. Shi ya sa a irin wannan lokaci, sayen rabin buhun shinkafa ko wake da za a ci nan da wata biyu yana iya fin ajiye takardar kuɗin amfani, in dai akwai wurin da ƙwari da danshi ba za su ɓata shi ba.

Sai bashi. Tsarin ya zuba ajiya da rage bashi a kwando ɗaya, bai ce wanne za a fara ba. Ga wanda ya ci bashin manhajojin waya masu ɗora ruwa mai yawa cikin 'yan makonni, amsar a fili take. Idan ka karɓi 20,000 za ka mayar da 24,000 bayan wata ɗaya, kana asarar 4,000 ke nan a wata, kuma babu ajiyar da za ta haifa maka haka. Ban da maganar haramcin riba da malamai suka sha yi, lissafi kansa ya ce a fara kashe wannan wutar.

To me mai ƙaramin ƙarfi zai yi?

Abin da ya cancanci a riƙe daga tsarin shi ne rarrabewar gida uku da kuma auna kai. Alƙaluman 50 da 30 da 20 kuwa a sauya su da na gaskiya. Mai gadinmu yana kan 94 ne, to ya fara daga nan: 94 na dole, 2 na sha'awa, 4 na ajiya. Naira 4,000 a wata ta zama 48,000 a shekara, wato kuɗin abincin gidansa na wata guda. Da babu gara ba daɗi, kuma wannan adadi shi ne bambanci tsakanin biyan kuɗin asibiti daga aljihu da zuwa wurin mai ba da bashi da ruwa. A cire shi ranar da albashi ya shigo, domin abin da aka bari sai ƙarshen wata ba ya kaiwa ƙarshen wata. Kada kuma a share kason sha'awa gaba ɗaya, ko da na tsiren Juma'a ne, saboda tsarin da babu numfashi a cikinsa ba a daɗewa a kansa.

Wajen ajiyewa, a raba wuri biyu. Adashi ya dace da kuɗin haya, tunda an san ranar kwasa kuma yana tilasta zubi, in dai uwar adashin amintacciya ce kuma an daidaita kwasarka da watan da hayar ke cika. Amma bai dace da kuɗin gaggawa ba, domin ciwo ba ya jiran layinka ya zo. Kuɗin gaggawa ya zauna inda za ka iya ɗaukarsa a yini ɗaya, kamar wani asusun banki daban wanda ba ka yawo da katinsa.

Bayan haka sai a dubi inda nauyin yake. Ko mai gadin nan ya daina duk wani abin sha'awa, iyakar abin da zai samu 6,000 ne. Manyan ƙofofin suna cikin dole da kuma samun kansa. A ce ya samu aiki kusa da gida ko ya haɗa tafiyar da ƙafa, kuɗin mota ya sauka daga 12,000 zuwa 6,000. A ce sun haɗa kuɗi da maƙwabta biyu suna sayen hatsi da buhu su raba, abinci ya ragu da 4,000. Dolensa ta koma 84,000. A ce kuma matarsa tana sayar da ƙosai ko awara tana samun ribar 15,000 a wata, samun gidan ya zama 115,000. Yanzu dole ta koma kashi 73 cikin 100, kuma akwai 31,000 a sarari maimakon 6,000. Har yanzu bai kai 50 ba, amma ya samu wurin ja da baya wanda a da babu shi. Sharaɗin shi ne idan samu ya ƙaru kada a bar dole ta bi shi a guje, misali a kama ɗaki biyu tun a watan farko.

Akwai alamomin da ke nuna cewa kason ajiyar da ka yanka wa kanka ya fi ƙarfinka. Idan kana karɓar kayan abinci bashi a shago tun kafin 20 ga wata, ko kana cin bashi don ka yi zubin adashi, ko kana taɓa kuɗin haya kana cewa za ka mayar, ko an fara jinkirta sayen magani, to a sauke kason. Wanda ke ajiye 4,000 ba tare da bashi ba ya fi wanda ke ajiye 20,000 yana cin bashin 16,000 da ruwa a kai. Idan kuma wata uku suka wuce babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan, sai a ƙara naira 1,000 a kan ajiyar a sake gwadawa.

Duk wanda zai fara, ya samu ƙaramin littafi ya rubuta kowace naira da ta fita na kwana 30, ya ƙara kuɗaɗen shekara bayan ya raba su gida 12, sannan ya raba jimillar dole da samunsa ya ninka da 100. Adadin da ya fito shi ne matsayinsa na yau, kuma shi zai riƙa dubawa duk bayan wata uku ya ga ko yana sauka. Allah ya sa albarka a nema, ya rufa mana asiri.